Faɗin Hanya Tsakanin Waya da Waya

Sau da yawa nakan ga ɗalibi ya yi zugum yana jiran bidiyon darasi ya shigo wayarsa ta Bluetooth, alhali wayar tana da hanyar da ta fi wannan faɗi.

A tsarin Wi-Fi Direct, wayoyin biyu kan fara daidaitawa tsakaninsu, ɗaya ta zama shugabar rukuni, wato ta ɗauki aikin na'urar rarraba Wi-Fi, ɗayar kuma ta haɗu da ita. Daga nan fayil ya bi iska kai tsaye. Ba ruwansu da kamfanin sadarwa, ballantana kuɗin data.

Asirin saurin yana ga faɗin tashar rediyo. Tashar Bluetooth megahaz 1 ce, don an ƙera shi ne domin tattalin batir. Ta Wi-Fi kuwa 20 ce ko fiye. Ɗauki bidiyo mai megabait 500. Bluetooth, da ke kai megabit 2 a daƙiƙa, zai ci sama da minti 30. Wi-Fi Direct, idan ya samu megabit 80, daƙiƙa 50 ta ishe shi.

Sai dai saurin kan ragu idan wayoyin suka yi nisa da juna, ko bango ya shiga tsakani, ko ɗayarsu tsohuwa ce.