Turancin Ofis: Waƙafin Da Zai Mayar Da Dila Ɗari

Jama'a, Hausa ta hutar da mu, "wanda" kaɗai ya wadatar. Amma akawun da ke rubuta wa kamfanin Legas imel daga Kantin Kwari a Fagge, ko shagon Sabon Gari, dole ya zaɓa tsakanin "who" da "whom".

Mayar da maganar tambaya, ka amsa. In amsar "he" ce, rubuta "who". In "him" ce, "whom". Dubi "the agent whom supplied the goods". Wa ya kawo kayan? "He supplied." Ashe "who" ne daidai. Masu son burge manaja ne suka fi faɗawa wannan ramin. "The agent whom we paid" kuwa lafiya lau, domin "we paid him".

Inda kuɗi ke ciki shi ne "that" da "which". Ka karɓi dila ɗari, goma sun jiƙe. "The bales that are wet will be returned" na nufin goman nan kaɗai za su koma. Ka rubuta "The bales, which are wet, will be returned", to ka ce duka ɗarin jiƙaƙƙu ne, duka za ka mayar.

In warewa kake yi, sa "that", kada ka sa waƙafi.