Ba Faranti Ake Ƙirgawa Ba, Nauyin Jiki Ake Ƙirgawa

A duk shekara idan gudun fanfalaki na Legas ya matso, tambaya guda ce ke yawan zuwa mini daga iyaye da matan masu shiga tseren: me za mu dafa masa a daren jajibiri? Amsata ba ta yi wa mutane daɗi. Wanda ya jira sai daren jajibiri ya riga ya makara, wanda kuma yake auna abincin da girman faranti bai auna komai ba. Ina so in yi jayayya da wannan al'ada ƙarara, domin ita ce ke sa mutum ya yi wata huɗu yana atisaye, sannan ƙafafunsa su mutu a wajen kilomita 30, ko kuma ya ƙare tseren yana neman makewayi.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Abinci mai sitaci da sukari, wato kabohaidiret, jiki kan adana shi a cikin tsoka da hanta da sunan gilaikojin. Wannan rumbu ƙarami ne. Idan ana gudu mai ƙarfi, abin da ke cikinsa kan yi ƙasa sosai bayan kamar minti 90, alhali tseren kilomita 42.195 kan ɗauki kusan sa'a biyu ko ga gwanayen duniya. Manufar lodin abinci a makon tsere ita ce a cika rumbun fiye da yadda ya saba cika. Tun da yake yawan tsoka ya danganta da girman jiki, ma'aunin da ya dace shi ne giram nawa ga kowane kilo na nauyin mai gudu.

Adadin sananne ne. Matsayar haɗin gwiwa da manyan ƙungiyoyin masana abinci da likitancin wasanni na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ta ce giram 10 zuwa 12 ga kowane kilo a kowace rana, na tsawon sa'a 36 zuwa 48 kafin tseren da ya wuce minti 90. Kwana biyu ke nan, ba dare ɗaya ba, ba kuma mako guda ba. Idan tseren ranar Asabar ne, aikin na Alhamis da Juma'a ne, tare da rage atisaye ƙwarai, domin ba a cika tulu ana kwarfar ruwansa.

Mu ɗauki saurayi mai kilo 60. Abin da yake buƙata a rana shi ne giram 600 zuwa 720. A nan ne mafi yawan gidaje ke yin kuskure, domin sun ɗauka giram 600 na shinkafa ake nufi. Ba haka ba ne. Dafaffiyar farar shinkafa ruwa ne mafi yawanta, giram 100 nata ba ya ɗauke da kabohaidiret fiye da kamar giram 28. Da a ce da shinkafa kaɗai zai cika giram 600, sai ya ci fiye da kilo biyu. Ku gaya mini wane ciki ne zai ɗauki wannan a zama ɗaya da daddare, sannan mai shi ya yi barci ya tashi da asuba ya yi gudu? Babban farantin jajibirin da ake alfahari da shi da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake nema, kuma galibi a jiƙe yake da mai da nama, waɗanda ke cika ciki ba tare da sun ƙara wa rumbun komai ba.

Hanyar da ta dace ita ce a rarraba. Da safe ya ci burodi giram 200 da zuma babban cokali biyu da ayaba ɗaya, wannan ya kai kusan giram 160. Da rana dafaffiyar shinkafa rabin kilo da miya mara mai sosai, da rabin lita na ruwan lemo, kusan giram 190. Da la'asar dabino giram 100 da wata ayabar, kusan giram 95. Da magariba dafaffiyar doya giram 400, kusan giram 110, sannan kafin ya kwanta ya jiƙa garin rogo giram 60, wanda zai ba shi kusan giram 50. Jimilla ta haura giram 600 kaɗan, kuma babu lokacin da ya ci har ya kasa numfashi. Ku lura cewa na bar wake da ɗanyen ganye da soye-soye da yaji mai yawa. Abinci ne masu amfani a sauran ranakun shekara, amma a waɗannan kwana biyu kumburin ciki da gudawa suke jawowa.

Akwai wani ɓangare da nake jayayya da shi, wato masu horarwa da har yanzu suke sa yara su yi kwana uku suna gudu mai wahala ba tare da sitaci ba, wai don jiki ya ji yunwa ya fi karɓa daga baya. Wannan hanya tana da asali. Ta fito ne daga binciken da Bergström da Hultman da abokan aikinsu suka yi a Suwidin a wajen 1967. Amma ilimi bai tsaya nan ba. A 1981 Sherman da abokansa sun nuna cewa rage atisaye da ƙara sitaci kaɗai sun isa, ba sai an yi horon yunwa ba. A 2002 wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa horarrun 'yan wasa da suka huta suka ci giram 10 ga kowane kilo sun cika rumbunsu cikin sa'a 24. Saboda haka wanda ya sa ɗan mutane yunwa a makon tsere, gajiya da fushi da rashin barci kawai ya saya masa, kuma bai samu riba ba.

Na san abin da masu sukar ƙirge za su ce: kakanninmu sun yi tafiyar fatauci ba su auna giram ba. Gaskiya ne, amma fatake tafiya suke yi suna yada zango, kuma mai tafiya a hankali kitsen jikinsa ya fi ƙonawa. Mai neman gama tsere cikin sa'a uku da wani makamashi dabam yake aiki. Wasu kuma za su ce nauyi na ƙaruwa. Haka ne, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe kusan giram uku na ruwa, don haka sikeli zai iya nuna ƙarin kilo ɗaya zuwa biyu. Wannan ba ƙiba ba ce, alama ce ta cewa lodin ya shiga.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Mai gudun kilomita 10 ba ya buƙatarta, abincinsa na kullum ya ishe shi. Mai ƙiba sosai kada ya ninka dukan nauyinsa da 12, domin tsoka ce ke adanawa ba kitse ba. Mai ciwon sukari kuwa, musamman wanda ke allurar insulin, kada ya kusanci wannan adadi sai ya zauna da likitansa sun tsara magani da awon jini, domin giram 600 a rana na iya tayar masa da sukari zuwa matakin haɗari. Kowa kuma ya gwada tsarin tun makonni kafin tsere, gabanin wani dogon atisaye, don ya san abin da cikinsa ke karɓa.

Da safiyar tseren, giram 1 zuwa 4 ga kowane kilo, sa'a ɗaya zuwa huɗu kafin a tashi, na abincin da aka saba da shi. Don haka uwar gida, idan kina son taimaka wa mai gudun gidanki, ki fara da tambayarsa kilo nawa yake, ki ninka da goma, ki raba gida biyar, ki ɗora tukunya tun ranar Alhamis.