Haruffa biyu a ƙarshen adireshi

A shekarar 2016, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a Amurka, wani labari ya bazu cewa an biya wani mutum dala 3,500 domin ya tayar da zanga-zanga a taron Donald Trump. Labarin ya fito da tambari mai kama da na gidan talabijin na ABC, har Corey Lewandowski, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Trump, ya yaɗa shi. Ƙagagge ne. Wani mai suna Paul Horner ne ya rubuta shi a abcnews.com.co, alhali adireshin ABC na gaskiya a lokacin shi ne abcnews.go.com.

Daga baya Horner ya shaida wa jaridar Washington Post cewa shaguɓe yake yi, ya kuma ce tallace-tallacen shafukansa na kawo masa kusan dala 10,000 a wata. To, a wane rukuni za mu ajiye shi: ɗan barkwanci, ɗan jita-jita, ko mai farautar kuɗin talla? A ganina duka ukun ne, shi ya sa rarrabe shafuka ta hanyar salon rubutunsu ba ya kai mutum ko'ina. Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan labarin ya zama ƙarya, wa zai ji kunya, kuma ina za a same shi?

Uzurin shaguɓe bai karɓu a wurina ba. Ɗan kama idan ya tsaya a kasuwa yana kwaikwayon malami, ya mayar da karatu zancen tuwo da miya, kowa ya san wasa ne, kuma saninsa ne ke sa dariya. Haka jaridar barkwanci ta The Onion take: da sunanta take fitowa tun 1988. Akan ruɗu da ita, kamar yadda shafin jaridar jam'iyya mai mulkin Sin ya ɗauki zolayar da ta yi wa Kim Jong-un a 2012 a matsayin yabo na haƙiƙa, amma laifin na wanda bai bincika ba ne. Wanda kuwa ya ari tambarin wani da sunansa, ya riga ya yi niyyar kada a gane wasan.

Adireshi daga ƙarshensa ake karanta shi. A bar duk abin da ya biyo bayan sandar farko ta /, a duba gaɓoɓin da suka gabace ta daga dama. A abcnews.go.com gidan shi ne go.com, mallakar kamfanin Disney, abcnews kuwa ɗaki ne a cikinsa. A abcnews.com.co, wutsiyar com.co ta ƙasar Kolombiya ce, kuma mai 'yan kuɗi kaɗan yana iya yin rajistar suna a ƙarƙashinta. Ido yakan ga "com" ya tsaya, ya manta da haruffa biyun da suka rage. Haka bbc.com/hausa gidan BBC ne, amma da za a ga wani abu kamar bbc.com-hausa.net (misali ne na ƙirƙira), gidan shi ne com-hausa.net, kuma BBC ba ta da ko tubali a cikinsa.

Sai shekaru. A lookup.icann.org ana iya ganin ranar da aka yi rajistar yawancin adireshi, ko da mai shi ya ɓoye sunansa. Shafin da ke kiran kansa tsohuwar jarida alhali watanninsa uku a duniya ya tona asirin kansa. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, domin ana sayen tsohon adireshi da masu shi suka saki. Nan web.archive.org yake taimakawa: yakan nuna ko jaridar yau shagon takalma ce a bara.

Alamar da na fi dogara da ita ba ta buƙatar na'ura, wato gyara. Gidan jarida na gaskiya yana kuskure, wani lokaci mummuna, amma za ka tarar da sunan edita, da ofishin da lauya zai iya kai takarda, da labaran da aka rubuta a ƙasansu cewa an gyara. Mai farautar talla ba ya gyara; goge labarin yake yi ya ɗora wani, domin an riga an biya shi tun lokacin da aka latsa.

Matsalarmu ita ce yawancin labari ba ya iso mana da adireshinsa. Hoton allo ne ke yawo a WhatsApp, an yanke samansa, sai tambari da kanun labari, abin da yaro zai haɗa a waya cikin minti biyar. Idan irin wannan ya zo mini, nakan rubuta adireshin gidan jaridar da hannuna, in nemi labarin da kalma biyu ko uku daga kanunsa. In ban same shi ba, nakan tambayi wanda ya turo ya ba ni mahaɗin. Amsar da na fi samu ita ce, "Ni ma turo mini aka yi."