Kafin ka sayi masauki, gwada shafinka a kwamfutarka

Biyan kuɗin masaukin intanet don shafin da ba ka gwada ba asara ce. Sauke XAMPP kyauta, ka kunna Apache da MySQL, ka zuba fayilolinka cikin `htdocs`, sannan ka buɗe `localhost` a burauza. Da zarar ka sauke, gwajin ba ya cin data.

Wasu na cewa ba komai gwajin gida ke kamawa ba. Da gaskiyarsu. Windows ba ta bambanta `Hoto.jpg` da `hoto.jpg`, amma sabar Linux tana bambantawa, sai hoton ya ɓace bayan ka wallafa. Maganin shi ne ka rubuta sunayen fayiloli da ƙananan baƙaƙe tun farko. Sauran kurakuran kuwa, gara ka gan su kai kaɗai da kwastoma ya gano maka.