Wa ke da ikon ƙwace lasisin likita a Najeriya, kuma a wane hali?

Da zarar an samu labarin mutuwar majinyaci da ake zargin sakacin likita ne ya jawo ta, sanarwar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce: "An dakatar da likitan, an kuma kafa kwamitin bincike." Daga nan sai ƙura ta lafa a shafukan sada zumunta, jama'a su ɗauka cewa an raba mutumin da aikin likita ke nan.

Sau da yawa ba haka abin yake ba. Idan hukumar kula da asibitoci ta jiha ko shugaban wani asibiti ya dakatar da likita, daga wurin aikinsa kawai aka dakatar da shi, kamar yadda kowane ubangida ke iya dakatar da ma'aikacinsa. Lasisinsa na nan daram. A doka babu abin da zai hana shi duba marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa washegari.

Lasisin likita da na likitan haƙori yana hannun hukuma ɗaya ne a ƙasar, wato Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, mai hedikwata a Abuja. Ita ke riƙe da rajistar likitoci, ita ke sabunta musu lasisi duk shekara. Dokar da take aiki da ita ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 23 ta 1988, wadda aka shigar cikin kundin dokokin tarayya na 2004.

Ƙorafi ba ya farawa daga Facebook

Hukumar ba ta hukunta likita saboda bidiyo ya karaɗe wayoyi. Mai ƙorafi, ko majinyacin ne ko danginsa, zai rubuta abin da ya faru a takardar rantsuwa da aka buga wa hatimin kotu, ya faɗi sunan likitan da asibitin da ranakun da abin ya faru, ya haɗa da duk takardun da ke hannunsa: katin asibiti, rasit, sakamakon gwaji, hoton da aka ɗauka, takardar sallama. Ana aika wa likitan kwafin zargin domin shi ma ya ba da amsa a rubuce bisa rantsuwa.

A nan ne iyalai da dama ke tuntuɓe tun kafin tafiya ta yi nisa. Wasu ba su ma san sunan wanda ya yi musu aiki ba, "likita" kawai suke ce masa. To alhali ba duk mai farar riga ba ne ke ƙarƙashin MDCN. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu hukumar, haka ma masu haɗa magunguna. Wanda kuwa bai taɓa yin rajista ba, likitan bogi ke nan, ba shi da lasisin da za a ƙwace, maganarsa ta 'yan sanda ce da kotu.

Ƙorafin yana zuwa ne gaban kwamitin bincike mai mutum 15, wanda hukumar ke naɗawa bayan ta tuntuɓi ƙungiyar likitoci ta NMA. Aikin kwamitin shi ne tace ƙorafe-ƙorafe. Yana da ikon tilasta wa mutum ya zo ya ba da shaida, yana duba fayil ɗin majinyaci, yana yi wa ɓangarorin biyu tambayoyi, sannan ya yanke ko akwai tuhumar da likitan zai amsa. Idan babu, magana ta ƙare a nan. Idan akwai, sai ya miƙa ta ga kotun ladabtarwa ta likitoci.

Kwamitin ba ya kama mutum da laifi, amma doka ta ba shi wani makami mai kaifi. Idan ya gamsu cewa barin likitan ya ci gaba da aiki haɗari ne ga jama'a, yana iya dakatar da shi na wucin gadi kafin a yi shari'ar, kuma doka ta ce a irin wannan hali a gaggauta sauraron ƙarar cikin wata uku. Saboda haka idan aka ji cewa kwamitin MDCN ya dakatar da likita, ba a tabbatar da laifinsa ba tukuna. An dai janye shi ne daga kan marasa lafiya har a ga abin da shari'a za ta haifar.

Hukunci uku ne kacal

Kotun ladabtarwar ta ƙunshi shugaban hukumar da wasu mambobinta goma. Likitoci ne ke yi wa ɗan'uwansu shari'a, lauya kuma na zama tare da su yana ba su shawara kan abin da ya shafi doka. Wanda ya zauna a kwamitin bincike kan wata ƙara ba ya zama alƙali a kanta.

Dalilai uku ne doka ta amince a taɓa lasisi a kansu. Ko dai kotun ta samu likita da aikata abin kunya da ya saɓa wa ƙa'idar sana'a, ko wata kotu a Najeriya ko a waje ta same shi da laifin da bai dace da matsayin likita ba, ko kuma a gano cewa da ha'inci ya shiga rajista tun farko. Mafi yawan ƙorafin sakaci yana faɗawa ne ƙarƙashin dalili na farko. Kuma mutuwar majinyaci kaɗai ba ta isa hujja ba, domin likita na iya yin duk abin da ya kamata amma rai ya yi halinsa. Abin da ake tambaya shi ne, shin ya yi abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan halin?

Idan laifi ya tabbata, kotun na iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi na tsawon da bai wuce wata shida ba, ko ta umarci magatakardan hukumar ya goge sunansa daga rajista.

A nan akwai giɓi babba a dokar. Tsakanin wata shida da korar mutum daga sana'a babu wani mataki. Likitan da laifinsa ya fi ƙarfin wata shida amma bai kai na a rufe masa hanyar abinci ba, kotun ba ta da ikon ba shi shekara ɗaya ko biyu. Wannan na daga cikin abin da ke sa iyalan mamaci su ga kamar an raina ran ɗan'uwansu idan suka ji hukuncin. Ko gogewar ma ba lallai ta zama ta har abada ba, domin wanda aka goge na iya neman a maido da shi, sai dai kotun na iya gindaya masa wa'adin da ba zai nema ba kafin cikarsa.

Kotun ba ta ba da diyya, ba ta kuma ɗaure kowa. Mai neman diyya sai ya shigar da ƙara a babbar kotu. Tun a 1968, a shari'ar Dakta Denloye, Kotun Ƙoli ta ja wa masu ladabtar da likitoci layi cewa idan zargin ya kai ga laifin da dokar manyan laifuka ta tanada, kotu ce za ta fara yanke hukunci a kansa.

Shari'ar da ta ɗauki shekara goma

Likita yana da kwana 28 daga ranar da aka miƙa masa hukunci ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma hukuncin ba ya fara aiki sai wa'adin ya wuce ko an kammala ƙarar. Shari'ar Dakta Okonkwo ta nuna inda wannan hanya ke iya kaiwa.

A watan Agustan 1991, wata mata mai shekara 29 da ba ta daɗe da haihuwa ba ta kwanta a wani asibiti cikin mawuyacin hali. Likitan farko ya ce sai an ƙara mata jini. Ta ƙi, mijinta ma ya ƙi, domin su mabiya Shaidun Jehobah ne, kuma aƙidarsu ta hana ƙarin jini. Da aka sallame ta a ranar 17 ga watan, sai mijin ya kai ta asibitin Dakta Okonkwo a Inugu, wanda shi ma mabiyin wannan aƙida ne. Aka nuna wa likitan kati mai ɗauke da sa hannun matar cewa kada a sa mata jini, mijin kuma ya sa hannu a takarda yana jaddada haka. Likitan ya ci gaba da yi mata magani ba tare da jini ba. Ta rasu a ranar 22 ga watan.

Danginta suka kai ƙorafi, magana ta kai kotun ladabtarwa. Kotun ta kama likitan da laifi, ta dakatar da shi wata shida. Babbar hujjarta ita ce ya riƙe majinyaciyar a asibitinsa alhali ya san ba zai ba ta maganin da ya dace ba, maimakon ya tura ta wani asibiti mafi girma.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin. Kotun ladabtarwar ta garzaya Kotun Ƙoli, inda a watan Maris na 2001 ta sake faɗuwa. Mai Shari'a Ayoola ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce baligi mai cikakken hankali yana da 'yancin ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa, domin tsarin mulki ya kare sirrin rayuwarsa da 'yancinsa na addini, kuma ba za a hukunta likita don ya mutunta wannan zaɓi ba.

Wato likitocin da ke kotun sun auna lamarin da ma'aunin sana'arsu, alƙalai kuma suka auna shi da tsarin mulki, na alƙalan ne ya tsaya. Abin da ya ceci Dakta Okonkwo a zahiri shi ne takardun nan biyu masu sa hannu. Wannan ya shafi asibitocin Arewa kai tsaye, inda ake yawan samun majinyaci ko danginsa su ƙi tiyata ko yanke ƙafa, su ce za su koma gida. Idan ba a rubuta ƙin a fayil an sa hannu ba, ranar da magana ta tashi sai ta zama maganar likita da ta dangi, ba mai raba su.

Idan babu hukuma, babu kotu

Rauni mafi girma a tsarin ba daga likitoci yake ba, daga gwamnati ne. Tunda shugaban hukumar da mambobinta ne ke zama alƙalan kotun ladabtarwa, duk lokacin da gwamnati ta rushe hukumomin gudanarwa ta haɗa da MDCN, kotun ba ta iya zama.

Haka ta faru a 2015 bayan hawan gwamnatin Muhammadu Buhari. Sai a ƙarshen 2018 aka ƙaddamar da sabuwar hukuma ƙarƙashin Farfesa Abba Waziri Hassan. Kimanin shekara uku ke nan ƙararraki na jibge ba mai yanke musu hukunci. Likitan da ya cancanci a goge sunansa ya ci gaba da riƙe lasisi, wanda aka yi wa ƙazafi kuma ya ci gaba da yawo da zargi a wuyansa, shaidu na mantuwa, wasu likitocin ma sun bar ƙasar kafin a kira ƙararsu.