Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shagunan Magani Kan Kodin

Wannan wasiƙa ta shafi maganin tari mai ɗauke da kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi Nijeriya a watan Mayun 2018, amma har yanzu ake tambayarsa a shagunan magani a asirce.

Kodin yana cikin dangin magungunan da ake samu daga ƙaron tsiron ofiyom, kuma idan an sha shi hanta tana mayar da wani kaso nasa, kimanin ɗaya cikin goma, zuwa mofin. Wannan mofin yana kwantar da ƙwaƙwalwa, ya kawo gyangyaɗi da kasala, ya kuma rage wa cibiyar da ke kula da numfashi ƙarfi. Sai dai hanta ba ɗaya ba ce, domin akwai mutanen da suka gaji hanta mai saurin yin wannan juyi, ta yadda cokalin da bai dami wani ba zai iya cika jininsu da mofin, kuma babu yadda mai shago zai gane su da ido. Saboda haka ne hukumomin magunguna na Turai a 2015 da na Amurka a 2017 suka haramta bai wa yaron da bai kai shekara 12 ba kodin, suka kuma hana mai shayarwa, tunda yana bin nono ya kai ga jariri.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haɗarin yana zuwa da kamannin sauƙi. Uwar da ɗanta mai shekara uku ya kwana yana tari, idan ta ba shi maganin ya yi shiru, za ta ɗauka ya samu lafiya, alhali yana iya zama numfashinsa ne yake ja baya. Ana gane hakan idan yaron ya yi wuyar tashi, numfashinsa ya yi jinkiri ko ya zo da minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓɓansa suka sauya launi. Irin wannan yaro ba a jiran gari ya waye, asibiti ake garzayawa da shi, inda ake da allurar nalokson mai karya ƙarfin mofin. Tarin da ya zo da zazzaɓi da numfashi sama-sama kuwa yana iya zama ciwon haƙarƙari, wanda danne shi jinkirta magani ne.

Ga manya kuma matsalar ita ce sabo, wato jiki ya riƙa neman ƙari kafin ya ji abin da ya saba ji, idan kuma aka daina sai hamma da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso. Wanda yake dawowa kullum neman kwalba ba tare da tari ba mara lafiya ne, kuma haƙƙinsa a kan mai shago shi ne ya hana shi cikin mutunci, ya nuna masa hanyar asibiti.