Binciken da Ba Ya Maimaituwa Bai Kammala Ba

A shekarar 2010 wasu masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa wani bincike da ya yi tashe. Sun nuna cewa ƙasashe masu arziki da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, tattalin arzikinsu kan ja baya da kashi 0.1 cikin ɗari. Wani ɗalibin Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya yi ta fama ya maimaita lissafin, amma abin ya faskara. Sai da aka aiko masa da ainihin fayil ɗin Excel ya gano cewa wajen fitar da matsakaici an tsallake ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsaloli biyu a 2013, sai ja bayan ya koma bunƙasa ta kashi 2.2.

A ganina, kuskure ba abin kunya ba ne. Abin takaici shi ne ya ɓuya shekara uku a inda ido ba ya kaiwa. Maganinsa kuwa tsari ne tun ranar farko:

```
README.txt
data/raw/
scripts/01_clean.R
scripts/02_analyse.R
output/
```

A `data/raw/` ake ajiye ɗanyun bayanai yadda aka tattaro su, kuma ba a taɓa su ko kaɗan. A ce ɗalibai na auna ruwan sama a makaranta, sai wani ya shigar da milimita 250 alhali littafin awo ya nuna 25.0. Kada a goge. A rubuta gyaran da dalilinsa cikin `01_clean.R`, wato jerin umarnin da kwamfuta za ta bi. Ta haka na baya zai ga me aka canja, har ya yi gardama in bai gamsu ba. Lambobin 01 da 02 suna nuna wanda ke fara aiki, shi kuwa `README.txt` yana bayyana asalin bayanan da sigar manhajar da aka yi amfani da ita.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne ga ƙaramin aiki. To, amma wanda zai fi buƙatar tsarin shi ne mai binciken kansa, bayan wata shida, sa'ad da ya manta yadda ya samo alƙalumansa.

Ga gwajin da nake so malamai su riƙa yi kafin ba da maki. A share duk abin da ke cikin `output/`, a miƙa wa wani ɗalibi aikin a wata kwamfutar, ba tare da an ce masa uffan ba. Idan jadawali da zane suka dawo daidai, madalla. Idan wani adadi ya ƙi dawowa, galibi akwai matakin da aka yi da hannu ba a rubuta shi ba, ko kuwa umarnin yana neman wani fayil da ke kwamfutar mai aikin kaɗai.